Akwatin hani ba laya ba ne

Wata mai ƙunshi a Horo Birni ta so a yi mata allon talla: hoton amarya zaune, hannuwanta sun sha lalle. Ba ta yarda a ɗauki hoton 'yar kowa a liƙa a bakin hanya ba, don haka ƙanena, mai buga katin biki a Bodinga, ya ce zai ƙirƙiro mata amaryar da Stable Diffusion. Abin da ya fito wata farar mata ce mai fuska kamar 'yar tsana, ido ɗaya na kallon Sakkwato ɗaya na kallon Yabo, hannuwanta a cikin mayafi. A hoto guda da hannun ya leƙo, ga cindo, lalle kuwa ko ɗigo babu.

Na ce ya nuna mini akwatin `Negative prompt`, inda ake rubuta abin da ba a so. Kalmomi sun haura sittin, ya kwafo su daga wani wanda shi ma kwafowa ya yi. Ga kaɗan:

```
ugly, deformed, extra fingers, bad hands,
bad eyes, tattoo, dark, wrinkles, blemishes
```

Ya ce kowa haka yake yi. Ni kuwa na ce wannan laya ce: an naɗe rubutu an rataya ba tare da an san abin da ke ciki ba. Kuma ita ce ta ɓata masa aikin.

Dabarar da akwatin ya dogara da ita ta fito daga aikin Jonathan Ho da Tim Salimans, wadda ta bazu bayan fitowar Stable Diffusion a watan Agustan 2022. A kowane mataki na share dusar hoto, injin yana yin hasashe biyu, ɗaya bisa abin da ka nema, ɗaya bisa abin da ka hana, sannan ya tura hoton nesa da na biyun:

```
sakamako = hani + CFG × (nema − hani)
```

Ka lura babu inda aka ƙirga yatsu. Injin ba ya duba hannu ya ce shida ne, a cire ɗaya. Yana gudun duk wata siffa da kalmar ta tuna masa daga hotunan da ya koya. Mutane kuwa ba su saba rubuta "yatsu sun yi yawa" a ƙarƙashin hotunansu ba, saboda haka abin da ya fi ji a cikin `extra fingers` da `bad hands` shi ne yatsu da hannu. Hanya mafi sauƙi ta nisantar hannu ita ce ɓoye shi. Mayafin nan da ya rufe hannun amarya biyayya ce ga umarnin da aka ba shi.

Lissafin nan yana tona wani asirin. Idan `CFG` ya zama 1, hani ya soke kansa, abin da ya rage nema ne kawai. Injinan gaggawa irin su SDXL Turbo a nan suke aiki. Mai zuba musu kalmomi sittin yana rubutu ne a kan ruwa.

Za a ce mini, ai mun gwada mun ga amfani. Na yarda an ga canji. Amma idan `Seed` yana kan -1, kowane latsawa sabon hoto ne, kuma wanda ya ƙara kalma ya dace da hannu mai kyau zai ba kalmar ladan da sa'a ta yi. Gwajin gaskiya shi ne a kafe lambar, a cire kalma ɗaya, a sake, a jera hotunan biyu, sannan a maimaita da wasu lambobi huɗu ko biyar. Haka muka yi da yammacin nan. Da muka cire `tattoo`, lalle ya fara bayyana, domin a wurin injin zane a fata duk dangi ɗaya ne. Da muka cire `dark`, wanda mai jerin na asali ya sa don gudun hoto mai duhu, fatar ta fara komawa irin ta mutanenmu.

Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Jerin da muke kwafowa an tsara shi ne don wata fuska dabam. Ka sa `scars` da `blemishes`, ka nemi dattijon Bagobiri ko Bakabe, za ka same shi ba tsaga. Ka sa `wrinkles`, tsohuwa ta koma budurwa. `ugly` kuma tana jan kowace fuska zuwa ga abin da tarin hotunan intanet ya ɗauka kyau ne, wato ƙaramin hanci da hasken fata. Muna kukan yadda man bilicin ya kama 'yan matanmu, ga shi muna shafa wa allunan tallanmu shi da hannunmu, sannan mu kafa su inda yara ke wucewa kullum.

Ban ce a rufe akwatin ba. A cikin cututtuka ukun nan akwai ɗaya da yake warkarwa da gaske, ita ce fatar roba. Dalili kuwa, hotunan 'yar tsana da zanen kwamfuta suna da yawa a abin da injin ya koya, kuma da sunansu aka laƙaba musu, don haka ya san abin da zai gudu. Ga abin da muka bari:

```
3d render, cgi, doll, plastic skin, airbrushed
```

A ɓangaren nema muka rubuta `dark brown skin, visible pores, window light`. Muka sauke `CFG` daga 9 zuwa 6, domin idan ya yi sama launi yana ƙonewa, fata ta ɗauki sheƙi. Muka kashe `Restore faces`, wanda yake goge fuska sumul kamar an yi mata guga. Nan take amarya ta zama mutum.

Ido kuwa matsalarsa ta fili ce, ba ta kalma ba. Injin ba ya zane a kan cikakken hoto. Yana aiki a kan ƙaramin allo da aka rage sau takwas ta kowane gefe, wato hoto mai ɗigo 512 ya koma gida 64. Idan amarya ta fito gaba ɗayanta, fuskarta mai faɗin ɗigo 48 gida shida ce kacal, ido guda da ƙyar ya sami gida ɗaya. Ko sau ɗari ka rubuta `bad eyes`, ba za a zana ƙwayar ido da gira a gida ɗaya ba. Alamar wannan cuta a bayyane take: idan ka matso da hoton zuwa kafaɗa, idanun sukan daidaita da kansu. Maganinta shi ne a shafe fuskar a `Inpaint`, a zaɓi `Only masked` don a sake zana ta da cikakken girma, a sa `Denoising strength` wajen 0.4. Idan ya kai 0.7, wata matar dabam za ta fito.

Hannu ya fi ba mu wuya, tun da shi ne kayan tallar. A ƙarshe wata ƙanwarmu ta ɗora hannuwanta a kan tabarma, yatsu a ware, muka ɗauka da waya, muka ba ControlNet hoton don ya bi zurfinsa da siffarsa. Yatsu suka tsaya biyar-biyar. Zanen lallen dai ya fito da wasu ƙawace-ƙawace irin na Indiya, waɗanda mai ƙunshin ta ce ba hannunta ba ne. Ta aiko da hoton aikinta na gaske, aka ɗora shi a kusurwar allon, ƙarƙashin lambar wayarta.