Ba Kowane "Ina" Ne Ke Zama "I Am" Ba

A wasiƙun neman aiki da ke wucewa ta teburina, jimla guda ta fi kowace ɓata mini rai: *I am having a degree in Economics.* Mai wasiƙar ba jahili ba ne, da digirinsa a hannu. Laifin na wanda ya koya masa tun firamare ne cewa duk inda Hausa ta ce "ina", Turanci zai ce *I am* ya liƙa wa aikatau *-ing*.

Dokar tana aiki a "ina rubutu" da "ina tafiya", shi ya sa ta samu gindin zama. Sai dai "ina" ɗinmu ya fi haka faɗi. Da shi muke nuna mallaka: ina da gida. Da shi muke bayyana abin da ke zuci da abin da kunne ke kamawa: ina so, ina ji. Turanci kuwa ya ware *-ing* ga aikin da ake cikin yi, wanda aka fara kuma za a gama. Mallakar digiri ba aiki ba ce, hali ne da mutum ke ciki, don haka *I have a degree* kawai ake cewa.

Akwai masu cewa ai wannan Turancin Nijeriya ne, a bar shi. Na yarda ba Bahaushe kaɗai ke yinsa ba, kuma a hira ba ya hana fahimta. Amma a rubuce ma'ana kan sauya. Rubuta wa abokin aiki a Landan cewa sakatariyarku *is having a baby*, kana nufin tana da jariri, shi kuwa zai fahimci juna biyu gare ta, ko ma tana kan gwiwa.

Malaman da suka ce kada a taɓa rubuta *having* su ma sun kauce, domin *we are having a meeting* daidai ne. Ma'aunin yana cikin Hausar kanta. Mayar da jimlar gida ka duba: in ta fito da "ina da" na mallaka, cire *-ing*. In ta fito da aikatau irin "yi" ko "ci", kamar muna yin taro, ina cin abincin rana, bar shi a wurinsa.

Haka batun ji yake. Mun bambanta "ji" da "saurara": na farko zuwar maka yake yi, na biyu kai ke yinsa da niyya. Wanda ya ce *I am hearing Hausa* ya yi kuskure biyu, domin jin harshe a Turanci *understand* ne, shi ma ba ya ɗaukar *-ing* a nan. Amma alƙalin da ke sauraron ƙara *is hearing the case*, ba wanda zai ɗaga masa jan biro.