Jan biron malaminka yana da gaskiya, sai a wuri ɗaya

1/ Jiya wani ɗalibi ya turo min babi na huɗu na kundin digirinsa, an yi masa kaca-kaca da jan biro. Ya ce wai malamin ƙin sa yake yi. Na karanta. Kashi uku cikin huɗu na gyaran malamin ne da gaskiya. Ragowar kuwa malamin ne ya yi ɓarna, kuma ɓarnar ta fi kuskuren yaron muni. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Aikin a kan shaye-shayen matasa ne a wata unguwa, da Hausa aka rubuta. Ga irin jimlar da ya buɗe babin da ita:

"Abin takaici da ban haushi, yanzu duk matasanmu sun lalace da shan ƙwaya, kowa ka gani a cake yake, iyaye kuma ko a jikinsu."

A majalisar mai shayi wannan magana ce. A kundi ba ta ce komai ba.

3/ Kafin masu cewa "ai ƙa'idar Turawa ce aka ɗora mana" su iso: ku ajiye Bature gefe. Ku ɗauka ranar kare kundi ce, malamin da aka gayyato daga wata jami'a ya ɗora yatsa a kan jimlar nan ya ce, "Duk matasa? Su nawa ka ƙirga?" Me yaron zai ce?

4/ Dalilin ƙa'idar ke nan gaba ɗaya. Rubutun ilimi ana yin sa ne don wanda bai san ka ba, ba ya jin muryarka, ba ya ganin fuskarka, wataƙila ma bayan shekara 20 zai ɗauko shi a laburare, ya iya bin sawunka ya ce ka yi daidai ko ka yi kuskure. Duk kalmar da ta hana shi bin sawun, ita ake cirewa.

5/ Mu fara da gutsure kalmomi, don nan ne aka fi raina gyaran. A baki muna cewa "mai" a madadin masa, "ma" a madadin maka, "sai" a madadin saya. Karanta wannan da sauri:

"Sai ya sai mai mai mai kyau."

6/ Da baki ba wanda zai ruɗe, karin sauti da tsawon wasali sun raba su. Amma rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna dogon wasali. A takarda "mai" uku ne jere kamar an yi kuskuren bugu. Rubuta "sai ya saya masa mai mai kyau", an wuce wurin.

7/ Wani kuma: "Ya gaya ma malam." Malam aka gaya wa? Ko kai aka gaya wa, ake kiran ka malam? A hira sai ka tambaya. Mai karanta kundi ba shi da wanda zai tambaya. Su "wlh" da "gsky" da "ykk" kuwa ba sai na ɓata baki ba, ku bar su a waya.

8/ Amma a kula, masu jan biro. "Zan", "zai", "ban", "bai" su ma asalinsu gutsure ne, kuma daidaitacciyar Hausa ta karɓe su tuntuni. Na taɓa ganin an mayar wa ɗalibi "zai" zuwa "za ya" shafi bayan shafi wai don ya fi kama da ilimi. Wahala ce kawai. Abin dubawa shi ne wane gutsuren ƙa'idar rubutu ta amince da shi, wane ne kuma ke kawo ruɗani.

9/ Sai sara. Matsalarta biyu. Ta farko, ba ta daɗewa. Ku tuna yadda "wuf" ta cika ko'ina 'yan shekarun baya, kowa zai yi wuf da wata. Yau wa ke faɗa? Kuma abin da ake yayi a Kano ba lallai ɗan Damagaram ko ɗan zangon Kumasi ya gane shi ba, alhali duk Hausa suke karantawa.

10/ Ta biyu ta fi girma, kuma ita ce ba a faɗa wa ɗalibai. Sara ba ta da iyaka. "Ƙwaya" a bakin matasa ta haɗa tiramol da baliyam da abin da suke kira roci, wani ma har maganin tari mai kodin yake cusawa ciki, alhali shi ruwa ne a kwalba.

11/ Waɗannan kuwa ba abu ɗaya ba ne. Tiramol da kodin dangin maganin kashe ciwo ne masu alaƙa da ofiyom. Baliyam na kwantar da jiki ne da sa barci. Gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018. To in kundinka "ƙwaya" kawai ya ce, ta yaya mai karatu zai san ko hanin ya canza wani abu a unguwar taku?

12/ "A cake" ma haka. Wanda ya sha sau ɗaya a bikin abokinsa da wanda ba ya iya tashi da safe sai ya sha, duk a cake za a ce. Likita ba zai haɗa su ba, mai bincike ma bai kamata ya haɗa ba.

13/ Yanzu "abin takaici da ban haushi". Na san zafin gaske ne, yaron a unguwar ya tashi, wataƙila abokan wasansa ne. Ba wanda ya ce kada ya ji zafi. Amma takaicinsa ba hujja ba ne, don ba wanda zai iya auna shi ko ya ƙaryata shi. Kuma da ka yanke hukunci a layin farko, mai karatu zai fara zargin ko ka zaɓi amsoshin da suka dace da fushinka ne.

14/ "Sun lalace" hukunci ne. "Iyaye ko a jikinsu" tuhuma ce, kuma da na duba babi na uku, ko uba ɗaya bai yi hira da shi ba. Kun ga inda zafin rai ya kai shi: ya rubuta sakamakon binciken da bai yi ba.

15/ A ce matasa 60 ya tattauna da su, 22 suka amsa. Sai ya rubuta:

"Daga cikin matasa 60 da aka tattauna da su, 22 sun ce sun sha tiramol ko maganin tari mai kodin ba da umarnin likita ba a cikin wata guda kafin hirar. Binciken bai haɗa da iyaye ba."

16/ Wani zai ce ta yi lami. Ni a wurina ta fi ciwo. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ya fitar a farkon 2019 ya ce kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 a Nijeriya sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda. Wane "abin takaici" za ka ƙara wa wannan adadi?

17/ To, nan zan juyo kan malamin, kuma a yi haƙuri.

A cikin babin akwai maganar wani matashi mai tura baro da aka naɗa a waya. Kusan haka ya ce:

"Wallahi in ban ɗan yi caji ba, ba na iya tura baron nan, ka gane ai."

18/ Malam ya ja layi ya rubuta a sama: "Idan ban sha miyagun ƙwayoyi ba, ba na iya yin aiki." Ya bar alamar zance a wurinta.

Ranka ya daɗe, wannan ba gyara ba ne. An sa wa mutum magana a baki. Bai faɗi haka ba.

19/ Ku duba abin da aka zubar. "Caji" ya ce, kamar batirin waya. Wato a idonsa abin kayan aiki ne, da shi yake samun na abinci. "Ɗan" ya ce, yana ƙanƙanta abin. "Ka gane ai" yana neman mai tambayar ya fahimce shi kada ya hukunta shi. Wannan shi ne sakamakon binciken. Duk mai son ya raba yaron nan da tiramol, daga kalmar "caji" zai fara.

20/ Abin dariyar ma, "miyagu" da malam ya saka ita kanta hukunci ce. Ta sa babbar riga ne kawai, shi ya sa jan biro ba ya ganin ta. Ya cire zafin ɗalibi ya zuba nasa.

21/ Saboda haka keɓewar farko, kuma mafi girma: maganar wani da ka ɗauko, ka bar ta yadda ta fito, da gutsurenta da sararta da rantsuwarta. Dalilin da ya hana ka yin sara a muryarka, wato a iya bin sawu, shi ne ya wajabta maka barin ta a tasa. Ka sa ta cikin alamar zance, ka yi bayanin kalmar a ƙasa da muryarka ta bincike.

22/ Haka in kalmar ce abin nazarin. Ba za ka rubuta kan 'yan daba a Kano, ko 'yan kalare a Gombe, ko sara-suka a Bauchi, ka ce duk "ɓata-gari" za ka kira su ba. Sunaye ne na ƙungiyoyi daban-daban masu tarihi daban-daban. Ka fayyace ma'anar a karon farko, sannan ka riƙe ta haka har ƙarshe.

23/ Shafin sadaukarwa da na godiya kuma naka ne. Ka yi wa mahaifiyarka addu'a, ka yi kuka in ka so, ba mai taɓa maka.

24/ Akwai kuma kalmomi masu nauyi da ba na zafin rai ba ne. "Kisan ƙare dangi" yana da ma'ana a dokar ƙasa da ƙasa tun yarjejeniyar 1948. In hujjarka ta cika sharuɗɗan, ka faɗa, kada ka laɓe bayan "rashin jituwa" wai don ka nuna sanyin malamai. In ba ta cika ba, kada ka ara don ka girgiza mai karatu.

25/ Ɗalibin dai na ce ya karɓi gyaran jimlolinsa duka, ba musu. Maganar mai baro kuwa ya mayar da ita yadda take, ya tafi ofishin malam da wayar da ya naɗi hirar, ya gaishe shi da ladabi, ya roƙi minti biyu ya kunna masa. Ranar Litinin zai je.