Awon Riba da Uwar Kuɗi

Kowace Jumma'a a karar Wudil akan ji mai kiwo yana alfahari da yawan ribarsa. Amma ba a sanin ƙarfin riba sai an auna ta da uwar kuɗi.

Ga misali. A ce malami ya sayi sa naira 400,000, ya kashe 100,000 wajen dusa da harawa da magani da la'ada. Bayan wata shida ya sayar 600,000. Uwa 500,000 ke nan, riba 100,000. A raba riba da uwa, a ninka sau ɗari: kowace naira ɗari ta haifi 20. In ya mance da kuɗin ciyarwa, sai ya zaci 50 ta haifa, ya ruɗi kansa.

Maƙwabcinsa kuwa ya kashe 100,000 duka duka a kan rago, ya sayar 130,000, watau 30 bisa ɗari. A wannan awo shi ne gaba.

Sai dai awon nan bai san lokaci ba. In ragon ya shekara a turke, mai sa ya juya kuɗinsa sau biyu, ya sami 40. Lalle malamai su koya wa yara su riƙa tambaya: nawa aka zuba, wata nawa aka jira?