Ba Kowane Yankan Albashi Ne Doka Ta Yarda Da Shi Ba

Cikin koke-koken da ke zuwa wa wannan ƙungiya, babu wanda ya kai na yankan albashi yawa. Yaranmu da ke aiki a gidajen mai, gidajen burodi, kamfanonin ruwan leda da manyan shagunan Wunti da Muda Lawal sukan dawo gida ƙarshen wata da rabin kuɗinsu, in an tambaya su ce maigida ya cire. Mu kuma iyaye sai mu ce a yi haƙuri, mu baƙi ne a Bauchi. Ra'ayinmu shi ne wannan haƙurin ya yi yawa, domin Dokar Ƙwadago ta 1974 ta tarayya ce, ba ta tambayar garin da kakan mutum ya fito.

Mu fara da ɓarna. Sashe na 5 na dokar ya hana mai aiki cin ma'aikaci tara ta hanyar yanke masa albashi. Ya ba da dama guda: idan ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko ta sakaci, ana iya cire abin da ya dace, amma sai an fara samun izini a rubuce daga jami'in ƙwadago na gwamnati. Wato maigida ba zai zama mai ƙara kuma alƙali ba. Don haka tambayar farko ita ce: ina takardar izinin? In babu ita, yankan bai bi doka ba, ko da kuwa yaron ne ya fasa kayan.

Sai bashi. Idan aka ba ma'aikaci wani abu daga albashinsa tun wata bai ƙare ba, sashe na 4 ya ce kada ya wuce albashin wata guda, kada a karɓe shi a ƙasa da wata uku, kuma kada a ɗora ruwa a kai. A kan wannan duka akwai iyaka babba: jimillar abin da za a cire a wata guda ba za ta wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin watan ba.

Ga misali. A ce yaro yana ɗaukar naira 60,000 a kamfanin ruwan leda. Ya karɓi 30,000 don hidimar Sallah, sannan ya bar injin yana aiki ya tafi hira, har aka yi asarar 45,000. Maigida ya riƙe albashin watan gaba ɗaya. To, iyakar abin da za a taɓa a wata shi ne 20,000. Bashin in an raba shi uku, 10,000 ke nan kowane wata. Saura 10,000 kacal za a iya cirewa don injin, shi ma sai da izinin jami'in ƙwadago. Ashe ko ya yi laifi, yaron nan zai koma gida da 40,000, ba hannu rabbana ba.

Game da fashin aiki, gaskiya ɗaya ce: wanda ya ƙi zuwa ba dalili ba shi da hakkin kuɗin ranar. Amma kuɗin ranar kawai. In yinin yaron ya kama wajen 2,000 aka cire 5,000, ragowar 3,000 tara ce aka sauya mata suna. Rashin lafiya kuwa daban ne. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa, muddin likita mai rajista ya ba da takardar shaida. Rasit ɗin kemis ba zai tsaya a madadinta ba.

Mun san cikinmu akwai masu shaguna da za su ce, in ba a yanka ba yara ba za su kula da dukiya ba. Kukansu yana da tushe, sai dai doka ba ta hana su hakkinsu ba, hanya ta shata musu. Wanda ya bi ta zai karɓi kuɗinsa sannu a hankali, kuma bai jefa gidan wani cikin yunwa ba. A kuma lura, dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manajoji da ƙwararru, takardar ɗaukarsu aiki ake dubawa.

Shawararmu ga kowane gida ita ce, yaro ya nemi takardar sharuɗɗan aiki, wadda sashe na 7 ya wajabta a ba shi cikin wata uku da fara aiki. Ya riƙa rubuta kwanan wata da adadin duk abin da aka cire, kuma kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. In an yi yankan, a fara zuwa da dattawa a yi magana cikin mutunci. In ta ƙi, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a nan Bauchi, bayansa kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Allah Ya ba mu ikon biyan kowa guminsa, amin.

Sakataren Ƙungiya