Sara Ba Sarewa Ba: Gyaran Wasiƙar Ciniki ta Imel

A yankin Talata Mafara, Bakura da Maradun, inda madatsar ruwa ta Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato ta raya noman shinkafa, akwai 'yan kasuwa da ke aika wasiƙun ciniki ta imel. Sau da yawa ɗalibin Hausa ake kai wa irin wannan wasiƙa domin ya duba. Kuskuren da ɗalibi ya fi yi shi ne ya share ta duka ya rubuta tasa. Wannan kuwa ba gyara ba ne, ƙwace ne, domin mai wasiƙa ya fi kowa sanin abokin cinikinsa da irin harshen da ke ratsa shi.

A ɗauki misalin dillalin da ya rubuta wa mai injin casa a Kano cewa: "Bayan haka, dalilin da ya sa na rubuto maka wannan wasiƙa shi ne domin in sanar da kai cewa a halin yanzu da ake ciki muna da shanshera buhu 200 a ajiye a cikin sito, kuma muna so kuma muna buƙatar ka turo mota ranar Talata cikin hanzari ba tare da ɓata lokaci ba."

Mai gyara zai fara da gabatarwa. Wanda ya buɗe saƙo ya riga ya san an rubuto masa, saboda haka duk abin da ke tsakanin "bayan haka" da "muna da" ciko ne. Sai tagwayen kalmomi: "so" da "buƙata" aiki guda suke yi a nan, ɗaya ta isa. "Cikin hanzari" kuwa ba ta da amfani tun da an yanka rana. Hasali ma tana iya sa mai karatu ya yi shakka, shin Talata ake nufi ko kafin nan? Abin da zai saura shi ne: "Bayan haka, muna da shanshera buhu 200 a sito, muna buƙatar ka turo mota ranar Talata." Ba a ƙara kalma ko ɗaya ba, ba a kuma sauya jerin maganar ba.

Ma'aunin mai sauƙi ne. A rufe kalma da yatsa a sake karanta jimlar. In adadi, rana, farashi ko sharaɗi bai salwanta ba, to a sare ta.

Amma ma'aunin yana da iyaka, kuma a nan ne masu ɗaukar ƙa'idar Turanci ɗungurungum suke tuntuɓe. Sallama da "bayan gaisuwa" ba sa ɗauke da adadi ko rana, duk da haka ba ciko ba ne. Alhajin da ya ga wasiƙa ta faɗo masa babu gaisuwa zai ɗauke ta raini, ciniki ya lalace kafin a kai ga farashi. Layi guda na gaisuwa ya wadatar, uku kuwa sun yi yawa. Haka nan ninki irin na "buhu-buhu" ko "ɗari-ɗari" nahawu ne, ba maimaici ba. Wanda ya mayar da "a loda ɗari-ɗari" zuwa "a loda ɗari" ya bar buhu 100 a sito a Bakura, direba kuwa ya riga ya kama hanyar Gusau.