KASAFIN KUƊI MAI ƊAURE KUƊI DA AIKI: Abin da Majalisun Ƙananan Hukumomi ya kamata su duba

Ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke hukunci cewa rabon ƙananan hukumomi 774 daga asusun Tarayya a riƙa biyansu shi kai tsaye, kada ya bi ta hannun Gwamnatocin Jihohi, kuma majalisar da aka zaɓa ita kaɗai ta cancanci karɓa. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa a watannin da suka biyo baya, mutane kuwa suka duƙufa kan gardamar wa zai riƙe kuɗin. Mu abin da ya dame mu daban ne. In kuɗin ya iso hannun majalisa, da wace irin takarda za ta gaya wa talakawa abin da za ta saya musu da shi?

Takardar da aka saba tun zamanin En'e ita ce ƙiyasin babi-babi. A kan rubuta albashi kaza, man mota kaza, gyaran gine-gine kaza, kayan makaranta kaza. Wannan tsari yana da amfaninsa, kada a raina shi, gama da shi Ma'aji ya ke hana a ɗebi kuɗin alli a sayi taya. Amma tambaya ɗaya kurum ya ke amsawa, watau a kan me aka kashe. Ba ya faɗin abin da aka samu. Majalisa tana iya kashe kowane kwabo bisa ƙa'ida, mai binciken lissafi ya sa hannu, alhali kuwa yara na nan zaune a ƙasa kamar bara.

Ɗayan tsarin shi ne wanda a ke kira kasafin shiri-shiri. A cikinsa a kan tara ayyukan da ke nufin abu guda a ƙarƙashin shiri ɗaya, kamar shirin ilmin firamare ko shirin ruwan sha. Kowane shiri a rubuta masa manufarsa, da abin da zai haifar wanda ido zai gani hannu ya ƙirga, da adadin da aka yi alkawari a shekarar, sa'an nan kuɗin da wannan adadi zai ci, da jami'in da za a tuhuma in abin ya gaza.

Ba sabon abu ba ne. Amirka ta soma shi a Ma'aikatar Tsaro a 1961, Shugaba Johnson ya shimfiɗa shi ga sauran ma'aikatu a 1965, kafin 1971 ta ƙare an jingine shi don takardu sun fi ƙarfin masu cika su. A kusa da mu, Gana ta ɗora ma'aikatunta a kansa a 2014, daga baya ta sauko da shi ga Majalisun Gundumominta. Kowace majalisa can tana raba ayyukanta cikin 'yan manyan shirye-shirye, kamar mulki da gudanarwa, da hidimomin jama'a inda ilmi da lafiya su ke, da gine-gine da hanyoyi, da tattalin arziki, da kula da muhalli. A ƙarƙashin kowanne akwai jadawali mai nuna abin da aka yi a shekarun baya da abin da a ke nufin yi a masu zuwa. Za mu komo ga Gana can gaba, don akwai abin lura a wurinta.

To, bari mu buga misali da ilmin firamare, tun da ya ke Tsarin Mulki na 1999 ya sa shi cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke da hannu a ciki. Adadin da za mu kawo na misali ne, mun zaɓe su don saukin lissafi.

A ce an zaga makarantun wata ƙaramar hukuma an ƙirga, aka tarar yara 6,000 ba su da abin zama. Benci ɗaya na ɗaukar yara uku, ke nan ana bukatar benci 2,000. An tambayi kafintoci, an daidaita a kan Naira 30,000 kowane benci har da kai shi makaranta. Kuɗin ya kama Naira miliyan 60. A tsohon ƙiyasi layi ɗaya za a gani: kayan makaranta, miliyan 60. A sabon kuwa za a ga cewa yara 6,000 ke ƙasa bana, za a yi benci 2,000 a kan 30,000 kowanne, Sakataren Ilmi ne mai alhaki.

Ga inda tsarin ke nuna amfaninsa na farko. Ran da kansiloli suka zauna, suka ce kuɗi ba zai isa ba, a rage zuwa miliyan 45, dole alkawarin ya ragu tare da kuɗin. Miliyan 45 benci 1,500 za ta saya, su zaunar da yara 4,500, saura 1,500 a ƙasa. Sai a rubuta haka a fili, kowa ya san farashin ragin da ya ɗaga hannu ya yarda da shi. Mun sha ganin takardun da aka datse kuɗinsu aka bar alkawarin yadda ya ke. Duk inda mai karatu ya ga haka, ya sani ba a ɗaure kuɗi da aiki ba, tsohon ƙiyasi ne aka sa wa sabuwar riga.

Shekara ta ƙare, an je an ƙirga, an sami benci 1,000 maimakon 1,500. Laifin wa? Nan a ke bukatar haƙuri, gama abu uku na iya haifar da wannan adadi guda, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. In Baitulmali miliyan 30 kaɗai ya saki, to, Sakataren Ilmi ya cika aikinsa daidai, benci 1,000 a kan 30,000, sai a juya a tambayi Ma'aji da Shugaban majalisa ina sauran miliyan 15 ta nufa. In kuwa an saki miliyan 45 duka, takardu kuma sun nuna benci 1,000, to, kowane benci ya tashi a kan 45,000. Sai a bincika ko katako ne ya yi tsada bayan an yi ƙiyasi, ko kwangilar ce aka kumbura. Kasuwar katako tana kusa, tambaya ba ta da wuya. Na uku shi ne mafi muni: takarda ta ce 1,500, makarantu sun ce 1,000. Wannan ba batun kasafi ba ne kuma, batun sata ne.

Ba mai iya rarrabe waɗannan uku sai rahoton ƙarshen shekara ya jera abu huɗu kafaɗa da kafaɗa: kuɗin da aka yarda, kuɗin da aka saki, kuɗin da aka kashe, da abin da aka ƙirga. Ƙirgar kuwa kada ta fito daga ofishin da ya ba da kwangila. Hedimasta ya sa hannu, shugaban kwamitin makaranta ya sa nasa, a manna a jikin bango inda iyaye za su gani.

A nan ne darasin Gana ya shigo. Tsarin Mulkinta na 1992 ya ce a keɓe wa Majalisun Gundumomi abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba, a biya su kashi huɗu a shekara. Amma sau da yawa biyan ya kan makara, wani lokaci da watanni. Majalisar da ta yi alkawarin aji goma, kuɗin ya zo mata bayan damina ta sauka, ba za ta cika ba ko da jadawalinta ya fi na kowa kyau. In abin ya maimaitu shekara biyu ko uku, ma'aikata su kan daina ɗaukar adadin da nauyi, su kwafe na bara su sake masa kwanan wata. Hukuncin 2024 zai taimaki wannan tsari gwargwadon yadda ya sa majalisa ta san nawa za ta samu da kuma ran da zai zo.

Saura babban al'amari, wanda mu ke gani ya fi na benci nauyi, watau albashi. A jihohi da yawa a kan cire albashin malaman firamare daga rabon ƙananan hukumomi, a biya ta hannun hukumar ilmin firamare ta Jiha. Saboda haka masu shirya kasafi su kan bar shi waje, ko su jefa shi cikin shirin mulki da gudanarwa tare da albashin kowa. Da zarar an yi haka lissafin ya zama ƙarya. A ce ƙaramar hukumar tamu tana da yara 40,000 a rajista, albashin malamanta Naira biliyan 1.2 a shekara, sauran hidimar makarantu duka, har da benci, miliyan 200. In an cire albashi, za a ce kowane yaro yana cin 5,000 a shekara. In an sa shi, kuɗin shirin biliyan 1.4 ne, kowane yaro 35,000. Kansilolin da suka kwana suna jayayya a kan miliyan 60 ta benci ba su ko waiwayi kashi shida cikin bakwai na kuɗin ba.

Har wa yau, rajista ba ita ce aji ba. In yara 28,000 ne ke zuwa a kai a kai, biliyan 1.4 ɗin nan 50,000 ce a kan kowane yaron da ke zaune gaban allo. Wannan ya kai mu ga zaɓen ma'auni. Benci, da aji, da littafi, abubuwa ne da kuɗi ke saye kai tsaye, su ya kamata a ɗaure da Naira. Amma manufar shirin ita ce yaro ya iya karatu, wannan kuwa ba a sayensa da ɗai-ɗai. A ganinmu a rubuta shi a sama, a auna shi kowace shekara ta hanyar ɗaukar 'yan aji uku daga wasu makarantu a ba su gajeren labari da Hausa su karanta, amma kada a ce makarantar da ta faɗi za a rage mata kuɗi. Duk wanda ya koyar ya san abin da zai biyo baya: ran jarrabawa za a ce wa marasa ƙoƙari su zauna gida. Haka kuma in an raba kuɗi bisa yawan suna a rajista, rajista za ta yi ƙiba cikin dare ɗaya.

Don haka ba mu goyon bayan a ɗora wa ƙaramar hukuma ma'auni arba'in a tashin farko, ita da watakila jami'in tsare-tsare ɗaya gare ta. Shirin ilmi ya wadatu da huɗu a shekarar fari: yaran da ke zuwa, malaman da aka tarar a aji ran da mai duba makarantu ya zo ba sanarwa, yaran da ke da abin zama, da 'yan aji uku masu iya karatu. Kuma a kula da lokaci. Shekarar makaranta tana somawa a Satumba, shekarar kuɗi a Janairu. Ƙirgar yara da benci da malamai tilas a gama ta cikin Oktoba, ta isa teburin Ma'aji kafin ya rufe ƙiyasi, in ba haka ba adadin da za a ɗaure kuɗin baɗi da su na bara ne.