Riyal 750 daga Jidda zuwa Dala: me ke shiga tukunya, me ke shiga asusun ƙasa?



A unguwarmu ta Dala da sauran unguwannin Maiduguri, akwai gidajen da cefanensu na wata ya dogara da saƙon da ake jira daga waje. Wani ɗansa yana tuƙi a Jidda, wata 'yarta tana aikin gida a Makka, wani ƙanensa yana leburanci a Libiya ko yana sana'a a Njamena. Muna kallon kuɗin da suke aikowa a matsayin sha'anin cikin gida kawai. Ni a ganina kuɗin nan aiki biyu yake yi, ɗaya a tukunyarmu, ɗaya a asusun kuɗin waje na ƙasa, kuma hanyar da ya biyo ita ke nuna ko zai yi aikin biyu ko ɗaya.

Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya mazauna waje sun aiko gida kimanin dala biliyan 19.5 a shekarar 2023. Babu wata ƙasa a Afirka kudu da Sahara da ta kai mu. Amurka da Birtaniya ne kan gaba a ƙasashen da kuɗin yake fitowa. Amma lissafin iri ɗaya ne, don haka bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daki-daki.

A ce direba a Jidda ya ware riyal 750 daga albashinsa zai aiko wa mahaifiyarsa. Riyal ɗaure yake da dalar Amurka, riyal 3.75 ne dala ɗaya, kuma shekara da shekaru ke nan haka farashin yake. Ke nan riyal 750 daidai yake da dala 200. Idan ana canjin dala a kan naira 1,500, tsohuwa za ta samu naira 300,000 kafin a cire ladan aike.

Kowa ya san inda wannan kuɗi yake tafiya. A sayi buhun masara ko gero, a sayi man girki da gawayi, a biya kuɗin makarantar yara, a sayi maganin hawan jini, a rage bashin mai shago, a ajiye wani abu don kuɗin haya. Wasu na cewa ai cinye kuɗin ake yi, ba a juya shi. Na ji wannan magana, amma yaron da ya ci ya ƙoshi ya zauna a aji, da majinyacin da bai yanke shan magani ba, su ma jari ne. Ga shi kuɗin ba ya tsayawa a gida ɗaya. Mai hatsi ya samu ciniki, mai Keke Napep ya samu lodi, tela ya samu ɗinki, magini ya samu kwanan aiki.

Akwai abin da ya bambanta wannan kuɗi da kuɗin man fetur. Kuɗin mai asusun gwamnati yake shiga, sai ya ratsa kasafi da ofisoshi kafin talaka ya ji ƙamshinsa. Kuɗin ɗan uwa kuwa kai tsaye yake zuwa hannun wanda aka yi niyya. Ba bashi ba ne balle a biya da ruwa. Sannan yana da wata ɗabi'a mai kyau: lokacin da mai zuba jari yake tattara nasa ya gudu saboda masifa ta faɗo, lokacin ne ɗan uwa yake ƙara abin da yake aikowa. Wanda ya ga halin da garin nan ya shiga bayan madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ya san gidajen da kiran waya daga waje ya tsamo su kafin tallafin hukuma ya iso.

To, ina ruwan ƙasa da dala 200 ta tsohuwa? Tsohuwa naira take kashewa a kasuwa, ba ta buƙatar dala. Idan ɗanta ya aiko ta banki ko ta kamfanin aike mai lasisi irin su Western Union da MoneyGram, ita naira za a ba ta, dalar kuma ta shiga kasuwar canji ta hukuma. A can ne mai shigo da magani, da mai shigo da alkama, da mai sayo kayan gyaran injin za su saye ta. Ƙasar da take sayo abubuwa da yawa daga waje kullum tana neman dala. In masu neman dala sun fi masu sayarwa yawa sai naira ta faɗi, farashin burodi da na magani su tashi har a shagon Dala. In dala ta wadata sai naira ta samu sa'ida. Ke nan maƙwabcin da ba shi da kowa a waje shi ma yana da rabo a saƙon tsohuwa, ko da bai sani ba.

Amma yawancin mutanenmu ba ta wannan hanya suke aikowa ba. Direban zai kai riyal ɗinsa wurin wani ɗan canji a Jidda, shi kuma ya buga waya ga abokin hulɗarsa a Wapa ta Kano ko a nan Maiduguri, a tura wa tsohuwa naira a asusunta kafin la'asar. Babu riyal ko ɗaya da ya tsallako teku. Yana can, za a sayar wa wani ɗan kasuwa da zai biya kuɗin kaya a Dubai ko China. A yi adalci, wannan ma bai tafi a banza ba, tunda kayan da aka biya da shi Najeriya za su shigo. Sai dai Babban Bankin Najeriya, wato CBN, bai gan shi ba, bai shiga lissafi ba, kuma bai taimaka wa farashin kasuwar hukuma ba.

Me ya sa mutane suke bin wannan hanya? Kada a ce rashin kishin ƙasa ne. Lissafi ne kawai. A farkon 2023 farashin hukuma yana wajen naira 460, na kasuwar bayan fage kuma yana wajen naira 750. Dala 200 a farashin hukuma naira 92,000 ce, a wurin ɗan canji naira 150,000. Wane ne zai yar da naira 58,000 daga abincin mahaifiyarsa? CBN ya san da wannan giɓi. Shi ya sa a ƙarshen 2020 ya ba da umarni a riƙa miƙa wa mai karɓa dala a hannu, sannan a watan Maris na 2021 ya fito da garaɓasar naira 5 kan kowace dala da aka aiko ta kamfani mai lasisi. A kan dala 200, garaɓasar naira 1,000 ce. Mai karɓa kuwa da ya fito daga banki da dalarsa, wurin ɗan canji ya nufa.

Abin da ya sauya lamarin shi ne rufe giɓin. A watan Yuni na 2023 aka haɗe farashin canji, aka kuma kawo ƙarshen garaɓasar. A watan Janairu na 2024 CBN ya sabunta ƙa'idojin kamfanonin aike, ya ce da naira za a riƙa biyan mai karɓa, a farashin da kasuwa ta tsayar. Da farashin banki ya kusanci na ɗan canji, sai kuɗi ya fara komawa hanyar hukuma. CBN ya sanar cewa a watan Yuli na 2024 dala miliyan 553 ta shigo ta waɗannan kamfanoni, fiye da ninki biyu na watan Yulin 2023. Darasin a fili yake: ruwa gangare yake bi, wa'azi da garaɓasa ba sa juya shi.

Kada mu manta da abin da wannan gyara ya jawo. Dala 200 da ake canzawa naira 150,000 ta koma naira 300,000, sai wasu suka ɗauka mai ɗa a waje ya haye. Amma a daidai wannan lokaci an cire tallafin fetur, kuma a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100. Kuɗin waje ya yi wa gidajen nan garkuwa, bai mayar da su attajirai ba. Gidan da ba shi da wannan garkuwa kuwa ya sha bugun ba tare da kariya ba.

Saura ladan aike. A lissafin Bankin Duniya, aika dala 200 zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara yana cin kusan kashi 8 cikin 100, mafi tsada a duniya, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 nan da 2030. Kashi 8 na dala 200 dala 16 ce, wato naira 24,000. Kashi 3 kuma dala 6 ce, wato naira 9,000. Bambancin naira 15,000 a kowane saƙo, kuɗin cefanen kwanaki ne. Wani ladan ma a ɓoye yake. Kamfani zai ce maka kuɗin aike kaɗan ne, sai ya rage maka a farashin canji. Hanyar ganewa ita ce ka tambaya naira nawa za ta sauka a asusu, ka raba ta da duk abin da aka biya a can. Wannan ne farashin gaskiya, da shi za ka gwada hanya da hanya.

Akwai kuma waɗanda ba su da zaɓi. A Saudiyya sai da iƙama mai aiki ake aika kuɗi ta banki. Wanda takardarsa ta ƙare, ko ya shiga ba bisa ƙa'ida ba, dole ya bi ta hannun ɗan canji, ba rasit, ba inda zai kai ƙara in kuɗi ya salwanta. Rana ɗaya kuma za a iya kama shi a maido shi gida, saƙo ya yanke.

Don haka kirana kashi biyu ne. Ga hukuma: a bar farashin banki ya ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa da na kasuwa, a ƙara yawan kamfanonin aike don gasa ta sauko da lada, a kuma sauƙaƙa wa matasa fita aiki da takardu cikakku. Duk ranar da giɓi ya sake buɗewa, kuɗin zai koma inda ya fito.

Ga iyaye da 'yan uwa masu karɓa: kuɗin nan gumin wani ne da yake kwana su shida a ɗaki ɗaya don ya rage kashewa. A yi magana da shi tun kafin ya aiko, nawa ne na abinci, nawa ne na makaranta, nawa ne ajiyarsa. In ya ce na fili ne ko na gini, a aika masa takarda da hoton aikin, kada biki ya cinye bulo. A ware ko da kashi ɗaya cikin goma a sa a wata sana'a, domin kwangila tana ƙarewa, ƙarfi ma yana ƙarewa. Masu aikowa kuma, in bambancin farashi bai taka kara ya karya ba, ku bi hanyar da ke da rasit. Kuɗinku ya fi tsira, kuma dalar da kuka sha wahala a kanta za ta yi wa naira aiki.

Allah Ya tsare mana su a inda suke, Ya dawo da su gida lafiya.

Sakataren Ƙungiya
Dala, Maiduguri